Yadda ake raba biyan bashi na wata: nawa ne ruwa, nawa ne uwar kuɗi

Wanda ya karɓi bashi a banki ko a asusun ƙananan rance, abin da ya fi riƙewa a kansa lamba ɗaya ce, wato abin da ake cire masa kowane wata. To amma wannan lamba kuɗi biyu ne aka haɗa wuri ɗaya. Wani ɓangare ruwa ne, ladan mai kuɗi, ya tafi ke nan. Wani ɓangaren kuma uwar kuɗi ce, ita kaɗai ce ke rage bashin da ke kanka. Rabon nan ba ya tsayawa wuri guda, kowane wata sai ya sauya, ko da abin da kake biya bai motsa ba. Na sha yi wa ƴan'uwa da abokan arziki wannan lissafi a nan Damagaram, malaman makaranta da ƴan kasuwar Dole, kuma tambayar kusan kullum iri ɗaya ce: na kai wata kaza ina biya, nawa na rage a cikin bashin?

Amsar tana rataye ne da ƙa'ida ɗaya. Ruwan kowane wata ana lissafa shi ne a kan saurar uwar kuɗin da ke kanka kafin ka yi biyan wannan watan. Ba a kan jimlar da ka karɓa ranar farko ba, ba kuma a kan abin da zai saura bayan ka biya ba. Duk matakan da ke ƙasa hanyoyi ne na gano wannan saura da yin aiki da ita.

Abin da za ka tanada

Na farko shi ne jadawalin biya, takardar nan mai layi-layi da ake haɗa maka da yarjejeniyar bashi. In ba a ba ka ba, koma ka nema, ka ce takardar da ke nuna biyan kowane wata kake so. Da Faransanci ake buga ta, saboda haka ga sunayen da za ka gani a kan gidajenta, a takarda ko a allon ma'aikacin: `Échéance` ko `Mensualité` shi ne abin da kake biya a watan, `Intérêts` shi ne ruwa, `Amortissement` ko `Principal` shi ne uwar kuɗin da ta fita, `Capital restant dû` kuma shi ne saurar bashi. Na biyu, yarjejeniyar kanta, don a cikinta adadin ruwa yake. Na uku, takardar motsin asusunka ko rasidan biya, don ka san sau nawa ka biya da gaske. Sai na'urar lissafi, ta cikin waya ma ta isa, da kaye da bik, da wata farar takarda ko rula da za ka shimfiɗa ƙarƙashin layi, saboda lambobin ƙanana ne kuma ido na saurin zamewa zuwa layin ƙasa.

Kafin ka taɓa komai, ajiye ƙirgen dala a gefe. A kasuwa mun saba da dala da jaka, mutum ya ga 500 a rubuce ya ce dala ɗari. Takardar banki da tamma take magana, kuma in ka fara juya lambobi a ka tsakiyar aiki, sai ka wayi gari ka ninka wani abu sau biyar ko ka raba shi. Rubuta kowace lamba yadda take a takarda. Ka kuma lura cewa a takardun nan waƙafi alamar gutsure ce: 1,5 na nufin ɗaya da rabi, dubbai kuwa da ɗan fili ake raba su. Ni a nan zan sa waƙafi tsakanin dubbai, ɗigo kuma ga gutsure, kamar yadda yawancin wayoyi ke nunawa.

Misalin da za mu bi

Mu ɗauki malamin makaranta da ya karɓi sefa 1,200,000 don ya sayi babur ya kuma ƙarasa katangar gidansa. Ruwa 12 cikin 100 a shekara, biya na wata 24, kowane wata ana cire masa 56,488 daga albashi. Ya biya sau tara, biya na goma na tafe, yana son sanin yadda wannan biya na goma zai rabu. Na zaɓi lambobi masu sauƙi ne da gangan, naka za su bambanta, amma hanyar ba ta canzawa.

Mataki na 1: Ka tabbatar da irin bashin

Kada ka fara da watan da kake nema. Fara da duba layuka uku ko huɗu na sama, ka ga me ke tsaye, me ke motsi, don ba kowane jadawali ake rabawa iri ɗaya ba.

In abin biya yana tsaye, ruwa na raguwa, uwar kuɗi na ƙaruwa kaɗan-kaɗan, to shi ne irin na malaminmu, kuma shi aka fi bai wa masu albashi. In uwar kuɗi ce ke tsaye, abin biya kuma na sauka wata bayan wata, aikinka ya fi sauƙi, zan nuna shi a mataki na 6. In kuwa ka ga komai a tsaye, ruwa bai ragu ba tun daga layin farko har na ƙarshe, to ruwan a kan jimlar farko aka ɗora shi, kuma wannan wani zance ne da ya kamata ka sani tun kafin ka sa hannu.

Mataki na 2: Ka fitar da ruwan wata ɗaya

Yarjejeniya na ba da ruwa ne a shekara. Raba shi gida 12. Ga malaminmu, 12 a raba 12 ya ba da 1 cikin 100 a wata, wanda a na'ura za ka buga shi 0.01. In naka 9 ne cikin 100, na wata 0.75 ne cikin 100, wato 0.0075. Kada ka datse gutsuren. Mai ruwa 10 cikin 100 zai sami 0.008333, in ya gajarta shi zuwa 0.008, a kan bashin miliyan ɗaya ya ɓatar da fiye da sefa 300 a wata guda.

A nan ne tarkon farko yake. Yarjejeniya takan nuna adadi biyu, ɗaya `taux nominal`, ɗaya `TEG`. Na biyun ya fi girma, don an cusa masa kuɗin buɗe takardu da sauran abin da aka caje ka. Amfaninsa shi ne kwatanta tsadar wannan bashi da wancan, kuma da shi doka ke aunawa: a 2014 aka sa iyakarsa a ƙasashen UEMOA, wato ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, kan 15 cikin 100 ga bankuna, 24 cikin 100 ga asusun ƙananan rance. Amma ba da shi ake lissafin ruwan wata ba. Na farkon za ka ɗauka. Ka kuma karanta da kyau ko an rubuta a wata ne ko a shekara, don ƙananan asusu sukan faɗi nasu a wata, 2 cikin 100 a wata kuwa 24 ne a shekara.

In yarjejeniyar ta ɓata, jadawalin zai gaya maka. Ɗauki ruwan layi na biyu, ka raba shi da saurar da ta rage bayan biyan farko: 11,555 a raba da 1,155,512 ya ba da 0.01. Na ce layi na biyu, ban ce na farko ba, saboda sau da yawa tsakanin ranar da aka ba ka kuɗi da ranar biyan farko ba wata ɗaya ne cif ba, sai ruwan layin farko ya fito da ƙari ko ragi.

Mataki na 3: Ka nemo saurar da ke kanka kafin biyan

Wannan shi ne matakin da ya fi kayar da mutane, kuma ba lissafi ne ke kayar da su ba, karatun takarda ne. Wasu jadawalai a kowane layi suna nuna saurar farkon wata, kafin biya. Wasu suna nuna ta ƙarshen wata, bayan biya. Sunan gidan kuma yakan zama iri ɗaya a duka biyun.

Layin farko ne zai raba maka gardama. In a gidan saura ka ga jimlar da ka karɓa cif, 1,200,000, to jadawalinka na farkon wata ne, lambar da kake nema tana kan layi na 10 kansa. In ka ga lambar da ta gaza jimlar, kamar 1,155,512, to na ƙarshen wata ne, sai ka hau layi ɗaya, ka ɗauki ta layi na 9. Layin ƙarshe ma shaida ne: mai nuna ƙarshen wata da sifiri yake rufewa.

Ga wasu layuka daga jadawalin malaminmu, wanda ke nuna saura bayan biya:

| Wata | Abin biya | Ruwa | Uwar kuɗi | Saura bayan biya |
|---|---|---|---|---|
| 1 | 56,488 | 12,000 | 44,488 | 1,155,512 |
| 2 | 56,488 | 11,555 | 44,933 | 1,110,579 |
| 9 | 56,488 | 8,314 | 48,174 | 783,214 |
| 10 | 56,488 | 7,832 | 48,656 | 734,558 |
| 11 | 56,488 | 7,346 | 49,142 | 685,416 |
| 24 | 56,494 | 559 | 55,935 | 0 |

Lambar da muke so ita ce 783,214. Ka kewaye ta da bik.

Ka kuma tabbatar da lambar layin ta hanyar ƙirga biya, ba ta hanyar ƙirga watannin kalanda ba. Mutum ya karɓi kuɗi a Janairu, aka fara cirewa a ƙarshen Fabrairu, to biyan Nuwamba shi ne na goma, ba na goma sha ɗaya ba. In an ba ka watannin sassauci kafin fara biya, duba yadda aka yi da ruwansu. Wani wuri kana biyan ruwa kaɗai a watannin, gidan uwar kuɗi na nuna sifiri. Wani wuri ba ka biyan komai, sai a ɗora ruwan a kan uwar kuɗi, ka ga saura ta haura abin da ka karɓa. Ko wanne ne, saurar da ke rubuce kafin biyan da kake nema ita ce abin aikinka.

Mataki na 4: Ka ninka, ka debe, ka gwada

Yanzu aiki ya koma layi uku. Ninka saura da ruwan wata: 783,214 sau 0.01 ya ba da 7,832.14, ka zubar da gutsure, ruwa 7,832 ne. Debe shi daga abin biya: 56,488 a cire 7,832, saura 48,656, ita ce uwar kuɗi. Debe uwar kuɗin daga tsohuwar saura: 783,214 a cire 48,656 ya ba da 734,558.

Lamba ta ukun ita ce gwajinka. In ta yi daidai da abin da jadawali ya rubuta a matsayin saura bayan biya na 10, ka gama. Bambancin tamma ɗaya ko biyu, ko ma biyar, ba komai ba ne, daga zubar da gutsure yake fitowa, kuma banki na tattara shi ya gyara a biyan ƙarshe, shi ya sa ka ga layi na 24 ya ɗara sauran da tamma 6. Amma in bambancin ya kai ɗaruruwa, akwai dalili, kuma girmansa kan nuna dalilin. Wanda ya zame ya ɗauki 734,558 zai sami ruwa 7,346, ya gaza da 486. Ka duba da kyau, 7,346 ɗin nan ruwan layi na 11 ne. Duk lokacin da amsarka ta fito daidai da ta layin ƙasa ko na sama, ba banki ne ya cuce ka ba, layi ka tsallake.

Wani zai ce, tunda jadawali ya riga ya rubuta ruwa da uwar kuɗi, me ya kawo wahalar ninkawa? Dalili biyu. Wasu takardun, musamman na ƙananan asusu, kwanan wata da abin biya da saura kawai suke nunawa. A irin wannan ma akwai gajeriyar hanya: debe saurar bayan biya daga ta kafin biya, abin da ya fito uwar kuɗi ce, ragowar abin biyan kuma ruwa ne da abin da aka haɗa masa. Dalili na biyu, ninkawar ce ke nuna maka ko adadin ruwan da aka gaya maka da baki shi ne wanda ke aiki a takarda.

Mataki na 5: In abin da ake cirewa ya fi na lissafinka

Wani ƙanen abokina ya taɓa zuwa wurina da yamma, ransa a ɓace, riƙe da jadawali da ya naɗe gida huɗu har layin naɗin ya cinye wasu lambobi. Ya ce, "Yaya, ni dai ban gane ba. Na yi yadda ka ce, amma saurar da na samu ta gaza tasu da jaka biyu. Ina jaka biyun nan suka shiga?" Na ce ya buɗe takardar gaba ɗaya. Ashe akwai gidaje biyu a can gefen dama da ya naɗe ciki, na inshora da na haraji. Shi ya ɗauki duk abin da aka cire a asusunsa, ya debe ruwa, ya ɗauka ragowar duka uwar kuɗi ce.

Bari mu sa wannan a misalinmu. Mu ƙaddara inshora sefa 600 ce a wata, harajin da ke kan ruwa kuma mu ƙaddara 18 cikin 100, adadin gaskiya ka karanta shi a takardarka. Harajin wata na goma zai zama 7,832 sau 0.18, wato 1,410. Abin da zai fita daga asusu ke nan 56,488 da 1,410 da 600, jimla 58,498. Wanda ya debe ruwa kaɗai daga 58,498 zai ce ya rage bashi da 50,666, alhali 48,656 ya rage. Ya yi wa kansa ƙarin 2,010 da babu su. Saboda haka a fara cire inshora da haraji da duk wani caji, abin da ya rage shi ake rabawa gida biyu.

Akwai wani ɗan ɓoyayyen wuri a nan. A misalin sama harajin a saman abin biya yake, shi ya sa jimlar da ake cirewa za ta riƙa sauka kaɗan kowane wata, tunda haraji na bin ruwa. Wasu jadawalai kuwa jimlar gaba ɗaya ce ke tsaye, an riga an saƙa harajin a ciki. Gane shi ba wuya: haɗa ruwa da uwar kuɗi a layi biyu daban-daban. In amsar iri ɗaya ce, haraji a sama yake. In ba iri ɗaya ba ce amma jimlar ƙarshe ba ta motsi, a ciki yake, sai ka lissafa ruwa, ka lissafa harajinsa, ka debe su duka biyu da inshora daga jimlar.

In ka cire duk waɗannan amma ruwa bai daidaita ba, yana ɗan hawa a wani wata yana sauka a wani, to da kwanaki ake lissafinsa. Ka ninka saura da ruwan shekara, ka raba da 360, ka ninka da kwanakin da ke tsakanin biya biyu. A kan 783,214 ruwan yini ɗaya kusan sefa 261 ne. Wata mai kwana 30 ya ba da 7,832, mai kwana 31 ya ba da 8,093, Fabrairu mai kwana 28 kuma 7,310. In 360 bai ba da daidai ba, gwada 365.

Mataki na 6: Sauran iri biyun

In uwar kuɗi ce ke tsaye, raba jimla da yawan watanni: 1,200,000 a raba 24, kowane wata 50,000. Kafin biya na goma an biya sau tara, 450,000 sun fita, saura 750,000. Ruwa 7,500, abin biya 57,500. Ko jadawali ba ka buƙata.

In ruwan a kan jimlar farko aka ɗora shi, rabon ba ya canzawa: ruwa 12,000, uwar kuɗi 50,000, abin biya 62,000, daga watan farko har na ƙarshe. Sauƙin lissafin kada ya ruɗe ka. Kamar mai haya ne da ke mayar wa maigida ɗaki ɗaya-ɗaya, amma ana ci gaba da karɓar kuɗin hayar gidan duka a hannunsa. A wata 24 ruwan ya kama 288,000, alhali na malaminmu 155,718 ne, ga shi kuma duka biyun da baki "ɗaya cikin ɗari a wata" ake kiransu. In aka auna shi a kan saurar gaskiya, ya haura 21 cikin 100 a shekara. A ganina duk wanda za a ba bashi, tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce: ruwan nan a kan saura yake ko a kan jimlar farko?

Wanda ya bi hanyar murabaha don guje wa ruwa, wato banki ya sayi kayan ya sayar masa da ƙari yana biya a hankali, shi ma yakan sami jadawali mai gidan riba da gidan kuɗin kaya, kuma debe-deben mataki na 4 zai yi masa aiki wajen karanta layi. Sai dai a can farashin sayarwa an yanke shi tun farko, bashinsa shi ne farashin duka. Kada ya ɗauka ribar watannin gaba za ta faɗi da kanta in ya biya da wuri, wannan sai abin da yarjejeniyarsa ta ce.

In jadawalin ya ɓata

Muddin ka san jimla, da adadin ruwa, da abin biya, za ka iya sake gina shi. Hanyar da ba ta da haɗari ita ce layi-layi a kaye: ninka, debe, debe, ka sauka layi na gaba da sabuwar saura. Layi goma aikin minti kaɗan ne. Amma in bashin na wata 60 ne kana neman wata na 47, akwai gajeriyar hanya ga bashi mai tsayayyen biya.

A irin wannan bashi, uwar kuɗin kowane wata tana ɗara ta watan baya da adadin ruwan wata daidai. Dalili kuwa a fili yake: abin da ka rage a uwar kuɗi wannan watan ba zai sake jawo ruwa ba, ɗan ruwan da ya faɗi sai ya koma gidan uwar kuɗi a wata mai zuwa. To ka fitar da ta watan farko: ruwa 12,000, a debe daga 56,488, saura 44,488. Ka ninka ta da 1.01, ka sake ninka amsar da 1.01, haka har sau tara. Sau tara, ba sau goma ba, domin daga layi na ɗaya zuwa na goma taki tara ne. Za ka sami 48,655.87, wato 48,656, daidai da na jadawali. Ruwa kuma 56,488 a cire 48,656, ya ba da 7,832. In na'urarka na da maɓallin `xʸ`, buga 1.01, maɓallin, 9, ka sami 1.093685, ka ninka da 44,488 sau ɗaya. A wayoyi da yawa maɓallin na fitowa ne in ka kwantar da wayar a gicciye.

Mai kwamfuta, ko mai Excel a waya, layi biyu sun ishe shi. A na Faransanci:

```
=INTPER(12%/12;10;24;-1200000)
=PRINCPER(12%/12;10;24;-1200000)
```

Na farko zai ba da ruwa, 7,832.11, na biyu uwar kuɗi, 48,656.05. A na Turanci sunayen su ne `IPMT` da `PPMT`, kuma yawanci waƙafi ake sawa a madadin `;`. Jerin shi ne ruwan wata, lambar watan da kake nema, yawan watanni, sai jimla. In ka manta `/12`, za ka ga ruwan da ya haura jaka ɗari a wata ɗaya, nan take ka san inda matsalar take. Alamar debewa da ke gaban jimla don amsa ta fito ba tare da ita ba ne kawai. Ka tuna waɗannan ba su san inshora ba, ba su san haraji ba, ba su san watan sassauci ko ƙirgen kwanaki ba. In takardarka na da ɗaya daga cikinsu, amsar kwamfuta kusa za ta zo, ba cif ba.

Abin da za ka yi da amsar

Da saura a hannunka, sauran tambayoyin debe-debe ne. Bayan biya goma malaminmu ya zuba 564,880. Uwar kuɗin da ya rage ita ce 1,200,000 a cire 734,558, wato 465,442. Ragowar, 99,438, ruwa ne. Ka ga a wata goma cikin 24 ya riga ya biya kusan kashi biyu cikin uku na ruwan bashin duka. Ba wayo aka yi masa ba, bashin ne ke da nauyi a farko. Shi ya sa ko a wata na 12, tsakiyar tafiya, saurarsa 635,782 ce, ba 600,000 ba.

In yana son ya rufe bashin bayan biya na goma, a ce ya sayar da waken da ya ajiye tun kaka, ba zai ninka 56,488 da watanni 14 da suka rage ba. Wannan zai ba shi kusan 790,800, kuma a ciki akwai ruwa kusan 56,280 na watannin da ba su zo ba. Tushen abin da zai biya 734,558 ne. A kai za a ƙara ruwan kwanakin da suka wuce tun biyan ƙarshe, kusan 245 a yini, kwana 12 ya kama 2,938, da harajinsa, sai kuma tarar biya kafin lokaci in yarjejeniya ta tanade ta. Ka nemi sakin da ya yi maganar `remboursement anticipé`, ka lissafa tarar, ka kwatanta ta da ruwan da za ka tsira da shi. A watannin farko da na tsakiya yawanci akwai riba a rufewa. Bayan biya na 22 ruwan da ya rage bai kai jaka biyu ba, ƙaramar tara ma na iya cinye shi.

Duk wannan na aiki ne in kowane biya ya shiga a kan lokaci kuma cikakke. In albashi ya yi jinkiri, ko asusu bai cika ba ranar cirewa, ko an sake tsara maka bashin, takardar da ke hannunka ta daina faɗin gaskiya daga wannan layin zuwa ƙasa. Akan ɗora ruwan jinkiri, kuma kuɗin da ka kawo daga baya yawanci tara da ruwa yake fara biya kafin ya taɓa uwar kuɗi. A wannan hali ka je ka nemi a rubuta maka saurar uwar kuɗi ta ranar, da kuɗin jinkiri a ware daban, sannan ka koma mataki na 4 da wannan sabuwar lamba.